Sunan da ba ya faɗuwa ta waya bai cancanci shiga takardar neman aiki ba

Mutane da yawa sun buɗe imel ko shafin sada zumunta tun suna sakandare, a shagon mai sayar da waya, cikin minti biyar. Sunan da aka laƙaba a ranar, wanda ake kira yuzanem, shi ne har yau suke rubutawa a takardar neman aiki, da katin sana'a, da allon shago. A nan matsalar take. Sunan da aka zaɓa don burge abokai ba lallai ya yi wa manajan kamfani ko mai sayen kaya daɗin karantawa ba.

Ma'aunin suna mai kyau guda ɗaya ne: a faɗa wa mutum shi sau ɗaya ta waya, ya rubuta daidai ba tare da ya ce "sake faɗa" ba. Kamala da saurin tunawa duk suna biyo bayan wannan.

A ɗauki misalin wani matashi, a kira shi Halliru Ɗanlami, wanda ya karanta fannin lantarki yana kuma haɗa wa mutane sola a Kano. Sunan imel ɗinsa `hall1ru.d4boss007`. Idan wani kamfani ya nemi adireshin ta waya, sai ya yi bayani sau huɗu: cewa bayan `ll` lamba ɗaya ce ba harafi ba, cewa akwai ɗigo, cewa `4` tana madadin `a`, sannan cewa sifili biyu ne ba harafin `o` ba. Kowane bayani ƙofa ce ta kuskure. In adireshin da aka rubuta ba na kowa ba ne, saƙon zai dawo wa mai aikawa. In kuwa na wani ne, takardar gayyata za ta faɗa akwatin baƙo, babu wanda zai sani. Halliru zai zauna yana cewa ba a kira shi ba.

Haruffan da suka fi jawo wannan ba su da yawa. A irin rubutun da yawancin wayoyi ke amfani da shi, ƙaramin `l` da babban `I` kusan sanda ɗaya ce, lamba `1` kuma tana kusa da su. Babban `O` da `0` haka suke. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba: `r` da `n` in suka haɗu sukan yi kama da `m`. Mai shago a Barnawa ta Kaduna da ya sa `barnawa` a sunansa, mai kallon ƙaramin allo zai iya karanta `bamawa`.

Wannan ya wuce batun ɓatan saƙo. Mai sayar da kaya a Instagram da sunanta ke ɗauke da ɗigo, da alamar `_`, da lambobi, ta sauƙaƙa wa ɗan damfara aiki. Zai kwafi hotunanta, ya buɗe shafi da suna iri ɗaya, ya ƙara `_` guda ko ya musanya `l` da `1`, ya tura wa masu saye lambar asusunsa. Sunan da dama can yake a hargitse, ba mai gane an taɓa shi. Suna gajere mai tsabta kuwa, ƙarin alama ɗaya ya fi saurin fitowa fili.

Mai suna na Hausa yana da ƙarin abin lura. Gmail da Instagram da X ba sa karɓar ƙ, ɗ, ɓ ko alamar da ke cikin A'isha a sunan shiga, don haka Ɗanlami zai koma `danlami`. Wannan ba laifi ba ne, kowa ya saba. Abin da ya fi wuya shi ne sunaye masu rubutu barkatai: Muhammad, Mohammed, Muhammed, ko Aisha da Aishat. Wanda sunansa ke cikin wannan rukuni ya bi rubutun da ke kan takardunsa na makaranta da katin shaidarsa, ko kuma ya jingina da ɗayan sunan nasa wanda ba a saɓani a kansa.

To, me Halliru zai zaɓa? Na farko a gwada `hallirudanlami`. Haruffa 14 ne, sun shiga ko'ina, domin X ba ya yarda a wuce 15, Gmail kuma yana karɓar daga 6 zuwa 30, Instagram har 30. Illarsa ɗaya: wasu za su rubuta Haliru da `l` guda. In an riga shi, shafin zai ba shi shawarar wani abu kamar sunansa da lambobi uku a ƙarshe. Wannan shawara ce da ya kamata a ƙi, domin lambar da ba ta da ma'ana ita ake fara mantawa. Shekarar haihuwa ma ba mafita ba ce: tana bayyana wa mai ɗaukar aiki shekarun mutum kafin ya gan shi, tana kuma miƙa wa 'yan damfara wani yanki na bayanan da banki ke tambaya.

Ya fi kyau a ƙara kalma. Amma ita ma a auna ta. `hallirusola` yana da daɗi a baki, sai dai rabin masu ji za su rubuta `solar`. Sunan gari irin Zariya ma haka ne, domin wasu `zaria` za su rubuta. Kano kuwa rubutunta ɗaya ne. Saboda haka `danlamikano`, mai haruffa 11, ya fi sauran: babu lamba, babu alama, babu harafi mai ninki, kuma ana iya nemansa a kowane shafi a rana ɗaya don sunan ya zama bai ɗaya.

Batun ɗigo yana bukatar bayani, domin shafukan ba su daidaita a kansa ba. A adireshin da ya ƙare da `gmail.com`, ɗigo ba ya sauya komai: `danlami.kano` da `danlamikano` akwati ɗaya ne, haka manya da ƙananan haruffa. A Instagram ɗigo na mayar da suna na wani daban. X ba ya karɓar ɗigo sam, Gmail kuma ba ya karɓar `_`. Sunan da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu ne kawai zai zauna iri ɗaya a duka ukun.

Wasu za su ce laƙabi 'yancin mutum ne, kuma akwai masu ɓoye sunansu don kare kai, musamman mata da masu tofa albarkacin baki kan siyasa. Gaskiyarsu ce. Amma wannan hujja ce ta buɗe asusu biyu, ba ta kai laƙabin gaban mai ɗaukar aiki ba. Ɗaya na hira da abokai, ɗaya na aiki da ciniki. Tsohon imel kuma kada a watsar da shi: a saita shi ya riƙa tura saƙonni zuwa sabon, domin makaranta da banki suna iya ci gaba da aikawa can.

Kafin a buga kati ko a rubuta allo, a kira wani wanda bai taɓa ganin sunan ba, a faɗa masa sau ɗaya, a ce ya turo shi a rubuce. In ya turo daidai, an samu suna. In ya tambayi "harafi ne ko lamba?", gara a sauya tun kafin a biya mai buga kati.