Akwatin mata a gefen shafi bai biya bashin ba

A hutun da ya wuce na sayi wani littafin tarihin kiɗan Turai na Faransanci wajen masu baza littattafai a ƙasa, irin wanda ke farawa daga waƙoƙin coci ya ƙare a ƙarni na 20. Na juya jerin sunayen da ke bayansa ina neman matan da suka tsara kiɗa. Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da na nuna wa wani abokin aikina, sai ya ce: "Malam, in babu su, marubuci zai ƙirƙiro su ne?" Wata malama kuma ta ce a ƙara shafi guda na mata a huta. Ban yarda da ko ɗayansu ba.

Tun muna makarantar horon malamai aka koya mana a duba littafi kafin a shiga aji da shi. To, duban nan ƙidaya uku yake buƙata. Mace nawa aka ambata? Layi nawa aka ba ta? Nawa ne aka ɗauko kiɗanta aka fayyace yadda ta gina shi? Ta ukun ce ke tona asiri, don suna ba tare da aiki ba bai koya wa ɗalibi komi. Daga nan a dubi kalmar da aka gabatar da ita. A littafina, Clara Schumann matar Robert ce, Fanny kuma yayar Felix Mendelssohn, shi ke nan.

Mu tsaya kan Fanny, don labarinta kaɗai ya isa amsa ga abokina. An haife ta a 1805, ta girmi Felix da shekara uku da ƴan watanni, malamin tsara kiɗa ɗaya ya koyar da su a Berlin. A 1820 mahaifinsu ya rubuta mata cewa kiɗa zai iya zama sana'ar Felix, amma a wurinta ado ne kawai. Duk da haka ta tsara kiɗa da waƙoƙi fiye da 400. Shida daga cikin waƙoƙinta an buga su da sunan Felix. A 1842, a fadar Ingila, Sarauniya Victoria ta zaɓi wata waƙa da take so daga littafinsa ta rera, dole ya faɗa mata ta yayarsa ce. Sai a 1846 Fanny ta buga kundinta na farko da sunanta, ta rasu a Mayu 1847. Akwai ma wani dogon kiɗan piyano na bikin Ista da ta rubuta a 1828. Da aka gano takardun a 1970, aka ga an sa hannu "F. Mendelssohn", sai aka jingina wa Felix ba gardama. Sai a 2010 wata mai bincike, Angela Mace, ta duba rubutun hannun ta tabbatar na Fanny ne. Shekara arba'in ana yabon hannun namiji a aikin mace.

Ga inda suka ya kamata ta nufa. Marubucin tarihi yana zaɓen wanda aka buga aikinsa, aka kaɗa a manyan zauruka, masu sharhi suka yi magana a kansa. Waɗannan ƙofofi uku su ne aka rufe wa Fanny. Littafin ya ɗauki sakamakon hanin ya mai da shi ma'aunin baiwa, bai kuma gaya wa mai karatu an yi hani ba. Hasali ma ma'aunin bai riƙe shi da gaskiya: Barbara Strozzi ta buga kundi takwas a Venise tsakanin 1644 da 1664, Louise Farrenc ta shafe shekara talatin tana koyar da piyano a babbar makarantar kiɗa ta Paris, ta kuma tsara manyan kaɗe-kaɗen taron makaɗa guda uku. Sun cika sharaɗin, a littafina babu su.

Amma kada mu wuce gona da iri. Wanda ya ce mata sun bar aiki daidai yawan na maza zai sha kaye a muhawara, tun da babbar gasar Faransa ta masu tsara kiɗa, wadda ake kai zakaranta Roma, ba ta karɓi mata ba sai 1903, kuma sai 1913 Lili Boulanger ta lashe ta. Gibin gaskiya ne. Laifin littafin shi ne yin shiru kan dalilinsa, da barin waɗanda suka tsallake shi.

Shi ya sa akwatin malama bai gamshe ni ba. Mu malamai mun san abin da ke gefen shafi: in lokaci ya ƙure shi ake tsallakewa, ba ya fitowa a jarrabawa. Kamar a rubuta tarihin waƙar Hausa ne da babin Shata, a jefa Barmani Choge cikin layi biyu a ƙarƙashin "mata ma sun taɓa". Ni dai buƙatata ita ce, in an zo babin kiɗan piyano na ƙarni na 19, a sa wa yara kiɗan Fanny kusa da na ƙanenta, a ɓoye sunayen, a ce su bambanta.