Jimla Huɗu Da Ke Ɗauke Da Nauyin Kasida

Duk shekara, in lokacin miƙa kundin bincike ya ƙarato, mukan ga 'yan'uwanmu na sashen nazarin tattalin arziki suna fama da babin farko. Sai ɗalibi ya fara da ma'anar bashi, ya bi ta kan tarihin banki, ya jera sunayen masana ashirin, kowanne da abin da ya ce, har shafi na goma mai karatu bai san abin da shi marubucin ya zo da shi ba. Ra'ayinmu shi ne wannan ɗabi'a ɓarna ce. Gabatarwa tana da aiki guda wanda in ba ta yi shi ba ta gaza: ta faɗi, cikin 'yan jimloli, abin da aka riga aka sani, inda sanin ya tsaya, abin da wannan kasida ta yi, da abin da ta gano.

Domin kada maganar ta zama ta fatar baki, bari mu ɗauki wani aiki da aka yi a ƙasarmu. Tsakanin 1988 da 1989, wani masani Ba'amurke, Christopher Udry, ya bi gidaje 198 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta yadda suke ba da rance da yadda suke karɓa. Kasidunsa a kan wannan sun fito a 1990 da 1994. Kafin nan, galibin rubuce-rubucen masana a kan bashin karkara sun dogara ne da wani tunani wanda Stiglitz da Weiss suka fayyace a 1981: mai ba da bashi bai san halin mai karɓa ba, saboda haka yakan nemi jingina, ko ya taƙaita abin da zai bayar. Misalan da ake kafa hujja da su kuwa, da yawansu daga Indiya da maƙwabtanta suka fito.

Da mu za a ba aikin taƙaita gudummawar Udry, da kalmominmu, ga yadda za mu tsara ta. Na ɗaya, ayyukan baya sun ɗauka cewa rashin sanin juna shi ne ke tsara bashin karkara. Na biyu, a waɗannan ƙauyuka kusan dukan rancen tsakanin maƙwabta da dangi yake, waɗanda suka san gonar juna da lafiyar juna, kuma da wuya a ga jingina ko takarda. Na uku, wannan aiki ya auna ko abin da ake biya yana canjawa in wata masifa ta auka wa ɗayan ɓangarorin biyu bayan an ba da rancen. Na huɗu, ya gano cewa yana canjawa: mai karɓa yakan biya kaɗan in ɓarna ta same shi, yakan kuma biya da yawa in mai ba shi ne ta sama, amma wannan bai kai ga rufe asarar gaba ɗaya ba.

A dubi abin da jimla ta huɗu take ɗauke da shi. A ce manomi ya ranci kuɗi da damina, ruwa ya cinye masa gona, ya biya abin da bai cika ba. Mai shakka zai ce wannan ba wani tsari ba ne, kasa biya ce kawai, wadda kowa ya sani. To, amma in gonar mai ba da rancen ce ta lalace, sai wanda ya ranta ya ƙara a kan abin da zai biya, babu yadda za a kira wannan kasa biya. Rancen ya zama hanyar raba asara tsakanin mutum biyu. Wannan rabin na biyu shi ne ƙashin bayan gudummawar. Ɗalibin da ya rubuta cewa bincikensa "ya duba muhimmancin bashi ga manoma" ya binne irin wannan abu da hannunsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da muke ba kowa shawarar ya yi wa nasa rubutun. Ka juya jimlar gudummawarka, ka ga ko akasinta magana ce da mai hankali zai iya riƙewa. Akasin ta Udry ita ce: abin da ake biya ba ruwansa da halin da mai ba da rance ya shiga. Masana da yawa za su iya yarda da wannan kafin su ga ƙididdiga, don haka binciken ya raba gardama. Amma akasin "bashi yana da muhimmanci" ba wanda ya taɓa faɗinsa, saboda haka jimlar ba ta ƙara wa kowa kome ba.

Wannan gwaji kuma shi ke tona asirin jimlar da muka fi ƙauna, wato "ba a taɓa yin irin wannan bincike a ƙaramar hukuma kaza ba". Rashin yin abu a wani wuri bai isa dalili ba, sai an faɗi abin da ya sa wurin zai iya ba da amsa dabam. Ƙauyukan Zariya sun cancanci nazari ne domin a can sharaɗin da tunanin baya ya dogara da shi, wato rashin sanin juna, bai tabbata ba. Haka kuma da'awar zama na farko tana da haɗari. Tun 1972 Polly Hill ta buga littafinta a kan tattalin arzikin Batagarawa, kusa da Katsina, kuma David Norman ya yi nazarin gidajen manoma a kewayen Zariya daga cibiyar Samaru tun shekarun 1960. Wanda ya ce shi ya fara leƙa karkarar Hausa, mai jarrabawa zai kama shi a shafin farko.

Mun san abin da wasu za su ce: ba tarbiyya ba ce yaro ya nuna inda manya suka gaza. Muna girmama wannan kunya, amma an sa ta inda ba muhallinta ba. Faɗin daidai abin da wani ya yi, da daidai inda ya tsaya, shi ne alamar an karanta shi. Rashin ladabi shi ne a jera sunansa ba a buɗe littafinsa ba, ko kuwa a rage masa hujja domin taka ta yi tsawo. Tawali'u na gaskiya yana cikin faɗin iyakar aikinka. Ƙauyuka huɗu ne, shekara ɗaya ce, kuma rancen da ke zagayawa cikin gari ɗaya ba zai yi maganin farin da ya sami kowa a lokaci guda ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, abin ya wuce neman maki. Jami'in da zai tsara shirin rancen manoma ba shi da lokacin karanta shafi arba'in. Gabatarwa zai duba. In jimla huɗun nan suna wurin, zai gane cewa rancen hukuma mai ranar biya ɗaya da adadi ɗaya ba ya yin aikin da rancen maƙwabci yake yi, sai ya yi tunani kafin ya sa hannu. In babu su, zai ajiye takardar ya bi abin da ya saba.

Saboda haka muna roƙon malamanmu masu duba kundi da su nemi waɗannan jimloli tun kafin su amince da babi na biyu. Mu kuma ɗalibai, in mun zauna rubuta su suka ƙi fitowa, kada mu ɗora laifin a kan Turanci. Alama ce cewa ba mu gama sanin abin da muke nema ba, kuma gara mu gane haka a zangon farko da mu gane a gaban masu jarrabawa.