Gyaran fassarar na'ura: ma'ana tukuna, kwalliya daga baya

1/
Jama'a, ga wani zare a kan aikin da mutane ke rainawa: gyara takardar da na'ura ta fassara. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya zauna gyaran irin wannan takarda ba tare da ta asalin a gabansa ba, shafe-shafe kawai yake yi. Ku biyo ni a hankali.

2/
Tun watan Disamba na 2013 Google Translate ya saka Hausa cikin harsunansa, kuma yanzu manhajojin sun yi yawa. A shagunan buga takardu na Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha abin ya zama ruwan dare. A kawo takarda da Turanci, a zuba wa na'ura, a ce wa wani mai jin Hausa "ɗan duba mana", a buga.

3/
Matsalar tana cikin "ɗan duba" ɗin nan. Mai dubawa yakan kama jimlar da ta yi masa tsaye a kunne, ya gyara. Wadda ta zo sumul kuwa sai ya wuce ta. To ai mai sumul ɗin ce ke cin mutane, domin tana iya daɗin karatu alhali ba abin da aka rubuta ke nan ba.

4/
Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar mata 'yan kasuwa ce ke ba mambobinta rance, an rubuta dokokin da Turanci. Doka ɗaya na nufin: wadda ba ta biya cikin kwana 30 ba za a ci ta tarar kashi 5 cikin 100 na abin da ya rage a kanta, sai fa in ta rubuto wa sakatare kafin ranar biya.

5/
Ga irin abin da na'ura kan iya fitarwa:

"Tarar kashi 5 na ma'auni mai fice za a biya ta kowane memba wanda ya kasa biya a cikin kwanaki 30, sai dai idan an sanar da sakatare a rubuce kafin ranar da ta dace."

Kalmomin duk na Hausa ne. Amma wa zai iya sa hannu a kan wannan?

6/
Matakin farko: kalmomin da kuɗi ke rataye a jikinsu. "Ma'auni mai fice" ba komai ba ne a Hausa. A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin sikeli da kuma ragowar kuɗi, wata ɗaya kuma ke nufin fitacce da abin da ba a biya ba. Na'ura ta zaɓi ma'anar da ba ita ba har sau biyu. Abin nufi: kuɗin da ya rage a kan mutum.

7/
Mai gyaran da bai ga asalin ba zai ce wannan shirme ne, ya share, ya sa "kashi 5 na bashin". Ya yi daɗi, ko? To lissafa. Ta ranci naira 100,000, ta biya 60,000, saura 40,000. Tarar gaskiya 2,000 ce. Da gyaransa za a iya cewa 5,000. Mai sayar da tumatir ta yi asarar 3,000 saboda jimla mai daɗi.

8/
Irin waɗannan kalmomi masu fuska biyu suna da yawa a takardun kuɗi. Kuɗin ruwa kan fito a matsayin "sha'awa". Uwar kuɗi kan koma "shugaban makaranta". Tara kan zama "lafiya lau". Waɗannan ma da sauƙi, don suna ba da dariya. Mugun shi ne "ya kamata" a inda doka ta ce "dole". Na farko shawara ce, na biyu tilas.

9/
Haka "ranar da ta dace". Ta dace da wa? Mai bin bashi zai ce jiya, wadda ake bi ta ce jibi. Asalin yana nufin ranar da aka yanka za a biya. Sai a rubuta "ranar biya", magana ta ƙare.

10/
Mataki na biyu: tsarin jimla. Turancin doka yana son fara magana da abin da aka yi, ya jefa wanda ya yi can baya. Hausa ba ta da wannan ginin. Shi ya sa aka samu "za a biya ta kowane memba". Bahaushe na ganin "za a biya ta" zai ɗauka wata mace za a ba kuɗi. Mai biya ta koma mai karɓa.

11/
Maganinsa ba matsar da kalma ɗaya ko biyu ba ne. Rushe jimlar za ka yi. Tambayi kanka: wa zai yi, me zai yi, yaushe, bisa wane sharaɗi? Sai ka fara da mai aikin. In sharuɗɗa biyu ne, ka raba su jimla biyu. Haka ma "an sanar da sakatare": wa ya sanar? Ita mai bashin ce, to a faɗe ta.

12/
Mataki na uku, shi ne na ƙarshe: nahawu. Ƙungiyar mata ce, amma na'ura ta ce "memba wanda ya kasa", domin Turanci bai nuna mata jinsi ba. A mayar "wadda ta". A bi kowace "ba" ta korewa a ga ko 'yar'uwarta ta biyu na nan. A duba ɗ, ƙ, ɓ, don kasa daban, ƙasa daban. A raba "bashi" da "ba shi".

13/
Ga yadda dokar ta koma:

"Duk wadda ta wuce kwana 30 ba ta biya ba, dole ta biya tarar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ya rage a kanta. Amma idan ta rubuto wa sakatare kafin ranar biya, babu tara."

Kowa ya san wa zai biya, nawa, da yadda zai kuɓuta.

14/
Wani zai ce me ya sa na bar "sakatare" ban sa "magatakarda" ba? Don na san masu karatun. A tsallaken kogin nan Hausa ce harshen kasuwa, amma da yawa ba da ita aka yaye su ba: Gbagyi, Bajju, Atyap, Ibo da sauransu. Kalmar da kowa ya sani ta fi wadda za ta burge malamin Hausa. Kuma in ka zaɓi "rance", ka riƙe ta har ƙarshe. Kar shafi na 2 ya koma "lamuni", a ɗauka abu biyu ne.

15/
Na san hujjar masu shago: babu lokaci, kuɗin aikin kaɗan ne. Gaskiya ne, ba kowace takarda ke buƙatar wannan wahala ba. Ko ƙa'idar duniya ta wannan sana'a, ISO 18587 ta 2017, ta bambanta gyara na sama-sama da cikakken gyara. Sanarwar taro, yi mata sama-sama. Amma takardar da ke da sa hannu, kuɗi ko awon magani, cikakke ko a bari.

16/
Yadda za ka gane ka gama: karanta wa wata da ba ta ga Turancin ba, da babbar murya. Kar ka tambaye ta "kin gane?", don za ta ce e. Ka ce mata, "Mama, in saura 40,000 a kanki kika makara, nawa za ki biya?" In ta ce 2,000, kai takardar a buga. In ta yi jim, koma kan tebur.

17/
Mai ba da aiki kuma, in za ka kai gyara, haɗa da takardar asali. Mai gyara, in an hana ka ita, ka ce ba za ka taɓa ba.