Matasan Illela da manhajar da ke tace takardun neman aiki

A farkon 2025 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta bayyana cewa fiye da mutum 500,000 ne suka nemi guraben aiki 3,927. Irin wannan cunkoso ne ya sa manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suke dogara da manhajojin tace masu neman aiki, irin su Workday da Taleo. Saboda haka manhaja ce kan fara karanta takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, kafin idon mutum ya kai kanta.

Aikin manhajar shi ne ta tsinto rubutun da ke cikin takardar, ta rarraba shi gida-gida: suna, karatu, ayyukan da aka yi, harsuna. Daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata yakan rubuta kalmar da yake buƙata, ya duba waɗanda suka fito. Wanda gidajensa suka zama fanko ba zai bayyana ba, ko da ya fi kowa cancanta.

A ɗauki misalin matashi daga Amarawa mai digirin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya iya Faransanci saboda hulɗa da Birnin Ƙonni. Wata ƙungiya na neman mai wannan harshe don aikin kan iyaka. Sai ya kai takardarsa shagon kwamfuta a Illela, aka yi mata sikanin, aka tura. Abin da ya isa ga manhajar hoto ne, kuma ba kowace ce ke iya karanta rubutun cikin hoto ba. Idan jami'i ya nemi kalmar `French`, sunansa ba zai fito ba.

Ko an tura ainihin fayil ɗin, ƙawa na iya jawo asara. Idan aka tsaga shafi gida biyu, wasu manhajoji kan karanta layin hagu da na dama a haɗe, shekarun karatu su cakuɗe da na aiki. Lambar wayar da aka sa a can saman shafi, cikin `Header`, na iya ɓacewa.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe fayil ɗin, a danna `Ctrl+A` da `Ctrl+C`, a zuba cikin Notepad. Idan babu abin da ya fito, hoto ne. Idan layuka sun hargitse, a mayar da takardar shafi mai tsagi ɗaya, da kanun da aka saba, kamar `Education`.

Sai dai ba duka laifin ke kan mai nema ba. A rahoton Makarantar Kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture na 2021, kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar ma'aikata da aka tambaya a Amurka, Birtaniya da Jamus sun amince cewa tacewar na zubar da ƙwararru saboda ba su dace da sharuɗɗan talla daidai-wa-daida ba. Ƙungiyar da ke neman 'yan kan iyaka, ya kamata tallarta ta faɗi irin fayil ɗin da manhajarta ke iya karantawa.