Layin mamaci ba riga ba ne da za a bai wa ƙane

Jama'ar Banikanni da sauran zangunanmu na Parakou da Djougou, akwai wata al'ada da ta shigo mana ba tare da sallama ba. Mutum ya rasu, kafin sadakar uku ƙanensa ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da amfani da layin, hoton mamacin na nan a WhatsApp, sunansa na nan a wayoyin mutane. Muna kiran wannan zumunci. Ni kuwa ina ganin cin amana ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Kakanninmu fatake da suka bi ta Djougou zuwa Gwanja fataucin goro sun san hukuncin kayan wanda ya mutu a tafarki: a tsare su, a biya bashinsa, a kai wa magada saura. Wayar yau ita ce wannan kaya. A cikinta akwai kuɗi, akwai bashi, akwai sirri, kuma kowanne da hukuncinsa.

A ɗauka wani ɗan kasuwar Arzèkè ya rasu da sefa 240,000 a MTN MoMo, ana binsa 80,000. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuwa sun riga shi. A rabon da malamanmu ke yi, bashi ake fara cirewa, saura 160,000. Matar tana da tumuni, wato 20,000. Kowane ɗa namiji ya sami 40,000, kowace 'ya 20,000. Ƙanen da ya san lambar sirri ba shi da ko dala a ciki. In ya cire kuɗin a shagon bakin titi don a yi abincin sadaka, dukiyar marayu ya ciyar da jama'a. Hanyar gaskiya ita ce a karɓo takardar shaidar mutuwa daga hukuma, magada su wakilta mutum ɗaya, ya je ofishin kamfanin, MTN ne ko Moov ko Celtiis, a fitar da kuɗin da shaida.

Wasu za su ce to a karya layin a huta. Wannan ma ganganci ne. Layin da aka daina amfani da shi kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Sai baƙo ya gaji lambar da abokan cinikin mamaci a Malanville da Gaya suka sani, kuma duk lambar tabbatarwa da Facebook ko WhatsApp za su turo, shi za ta je wa. Shi ya sa layi ne abu na ƙarshe da za a rufe. A riƙa sa masa ɗan kati, a bar shi a hannun amintaccen da magada suka zaɓa, har a gama komai.

Mutanen da ke cikin wayar kuwa haƙƙinsu ne a faɗa musu gaskiya, sau ɗaya, a fili. Saƙon ya ambaci ranar rasuwa, da sunan mai rubutawa da dangantakarsa da mamaci, da lambar mai rai da za a nema. Ya ce wanda ke binsa ko wanda yake bi ya zo kafin ranar kaza, arba'in misali. Ya kuma ce ba za a nemi kowa ya turo kuɗi ta wannan lamba ba, domin 'yan damfara sun fi son gidan makoki. Amma kada saƙon ya fita sai an kira makusanta da baki. Bai kamata uwa a Dosso ko Sakkwato ta ji mutuwar ɗanta daga bakin maƙwabciya mai WhatsApp ba.

Saura sirri. Wanda aka ba wayar ya duba abin da ya shafi ciniki da bashi, ya tsaya nan. Hirar mamaci da matarsa ko amininsa ba gado ba ce. Wanda ya kai masa kukansa shi ya kai wa, bai kai wa ƙanensa ba.

In an gama, a kwashe hotunan iyali, sannan a goge WhatsApp ɗin da hannu. Gogewar takan fitar da shi daga dukan zaurukan da yake ciki. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a buɗe shi ba, amma watanni huɗu sun isa ɓarna. Shi kuwa Facebook zaɓi biyu ya bayar: ko iyali su nemi a cire shafin da shaidar mutuwa, ko a mayar da shi na tunawa, inda za a ga "En souvenir de" a jikin sunan, ba wanda zai sake shiga cikinsa, ba kuma za a ƙara tuna wa mutane ranar haihuwarsa ba. Daga nan sai layi: a rufe shi, ko a sauya rajistarsa zuwa sunan magajin da zai riƙe cinikin, a sanar da kowa.

Wanda ya ce wannan wahala ce, ya tuna cewa wanka da likkafani ma ba sauƙi ba ne, kuma ba mu taɓa barin su ba. Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.