Gaisuwar Kanti Ba Ɓata Lokaci Ba Ce

Kullum da safe a kantunan Gwarzo da Kabo zancen ɗaya ne. "Alhaji, ina kwana?" "Lafiya lau, Malam. Ya iyali?" "Alhamdulillahi. Ya kasuwa?" "Da godiya." Masu gaggawa suna cewa ɓata lokaci ne, tunda an san amsar. Ai sanin amsar shi ne amfaninta. Ran da Malam ya tsaya a "to, da sauƙi", mai kanti ya gane akwai mara lafiya a gida, sai ya auna masa sukari ya rubuta a littafin bashi, ba tare da an roƙa ba. Gaskiya ne mayaudari ma ya iya gaisuwa, amma wanda ya daina biyowa ta ƙofar kanti bayan cin bashi, tun kafin ranar biya ake gane shi.