Ƙwaya biyun da suka rage a hannun uwa



Wasunmu sun fara samun aikin rubuta labarin katun na wayar da kai, irin gajeren bidiyon nan da ake turawa a waya. Abin da nake yawan gani shi ne a miƙo wa marubuci takarda mai ɗauke da saƙonni bakwai, shi kuma don gudun ɓacin ran mai aiki sai ya cusa su duka a bakin wata ma'aikaciyar asibiti. Ta tsaya ta yi lacca, uwa ta gyaɗa kai, a sa kiɗa, a rufe. Ni a ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Bidiyon minti ɗaya da rabi aiki ɗaya tak yake iya sa mutum ya yi, kuma zaɓen aikin nan shi ne rabin rubutun.

Bari mu ɗauki misali na gaske. Duk damina, a jihohin arewacin Najeriya da kuma Nijar, ma'aikata na bi gida-gida suna raba wa yara maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari tun 2012. Ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata, wata huɗu ko biyar a jere. Katin maganin ƙwaya huɗu ne. Ranar farko yaro zai sha biyu a gaban ma'aikaciya. Sauran biyun a hannun uwa ake barinsu: ɗaya gobe, ɗaya jibi. Kariyar da ake samu ta kusan mako huɗu ce, shi ya sa ake dawowa wata mai zuwa.

To, ina labarin yake a nan? Da yawanmu za mu ruga mu fara da sauro, ko kwatami, ko gidan sauro. Duk gaskiya ne, amma ba can matsalar take ba. Ka tambayi masu rabon maganin inda abin ke lalacewa, za su nuna maka lokacin da suka juya baya. Uwa na iya mantawa saboda hidimar gona. Wata za ta adana ƙwayoyin sai ranar da yaron ya kwanta ciwo, wata kuma ta ga babban wansa ɗan shekara bakwai bai samu ba, ta raba musu. Babu wawta a ko ɗaya daga cikin waɗannan, tattali ne da tausayi. Ga kiranka nan: ki ba shi ta gobe da ta jibi. Kuma ga rikicin labarinka, domin mutum biyu masu son yaro ɗaya suna iya saɓawa a kan ƙwaya biyu.

Ga yadda zan shimfiɗa shi a daƙiƙa 90. A goma na farko, ma'aikaciya tana fita daga zaure, hannun Ladi riƙe da katin da ƙwaya biyu suka rage. Ba gaisuwa, ba gabatarwa, don mai kallo a waya ba ya jira. Washegari Ladi ta ɗebo ruwa a cokali za ta jiƙa maganin, sai surukarta ta karɓe katin ta ƙulle a bakin zane: yaron da ke guje-guje lafiya lau, me zai yi da magani? A ajiye don ranar buƙata. Nan ne zan fi daɗewa, wajen daƙiƙa arba'in, domin Ladi ba za ta iya ƙwace abu daga hannun uwar mijinta ba, kuma duk macen da ke kallo ta san haka. Dole ta nemi dabara. Da yamma hadari ya haɗo, tsohuwa ta hau faɗa cewa mijin Ladi ya yaɓe rabin rufin ɗaki ya bar rabi, wai sai ruwa ya fara zuba zai ƙarasa. Ladi ta ce a hankali, "Inna, ai maganin Sani ma haka ne, rabi aka yi." Tsohuwa ta yi shiru, ta kwance bakin zanen da kanta. Hoton ƙarshe katin ne babu ƙwaya ko ɗaya, murya kuma ta faɗi kiran sau ɗaya, da kalmomin da aka rubuta a fuskar bidiyon.

Ku lura ban sa Sani ya kwanta rai-kwakwai-mutu-kwakwai ba. Na san mu marubuta muna son gadon asibiti da kuka, amma a nan ƙarya za mu yi. Ba duk yaron da ya tsallake ƙwaya ke kamuwa ba, kuma maganin rage haɗari yake yi, bai hana zazzaɓi ɗungurungum. Idan ka nuna akasin haka, uwar da ta ba ɗanta duka kuma ya yi zazzaɓi za ta ce katun ya yaudare ta, wata mai zuwa ta rufe ƙofa. Don haka kafin a zana komai, a kai wa ma'aikacin lafiya rubutun ya bi shi layi-layi. Mai zane kuma a ajiye masa katin maganin na gaske a gabansa, ya kwafi siffarsa da launinsa, don uwa ta gane shi da ido ko ba ta iya karatu.

Wani zai ce, to gidan sauro fa? Kai yaro asibiti idan jikinsa ya yi zafi fa? Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amsata ita ce a yi musu nasu bidiyon. Iyakar abin da zan yarda da shi a wannan shi ne a ga gidan sauro rataye a ɗakin Ladi, ba tare da kowa ya ambace shi ba. Da zarar murya ta ce "sannan kuma kar a manta", kiran ya zama biyu, mai kallo kuma zai riƙe wanda ya fi masa sauƙi.

Akwai kuma lissafin da wanda ya saba da rubutun zube bai cika yi ba. Katun ɗin da ake zanawa da hannu yakan ci zane goma sha biyu a kowace daƙiƙa, wato sama da dubu a daƙiƙa 90. Kowane sabon mutum ko sabon wuri kuɗi ne. Shi ya sa labarin Ladi bai fita daga tsakar gida ɗaya ba, masu magana kuma biyu ne. Ka karanta maganganun da ƙarfi kana duban agogo. Idan sun haura kalma ɗari da hamsin, babu sauran fili na shiru, alhali shirun tsohuwar nan shi ne ƙashin bayan labarin. A fara ɗaukar murya, sannan a jera zane marasa motsi a kanta a kalla tun kafin a kashe kuɗin motsa su.

Wannan ɗanyen bidiyon za ka kai wa mata biyar ko shida masu ƙananan yara, waɗanda ba su san ka ba. Kar ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi don kara. Ka tambaya: me aka ce ku yi? Idan ɗaya ta ce a gyara rufin ɗaki kafin damina, misalinka ya fi saƙonka ƙarfi, sai a rage maganar rufin a ƙara tsawon hoton katin. Idan wata ta ce a daina jin maganar suruka, koma ka sake rubuta tsohuwar, ka ba ta layin ƙarshe ta faɗi kiran da bakinta.